Buhu 30 da babu su a sito: yadda muka tsara lokacin sink tsakanin shaguna huɗu a Legas

Ni ne nake kula da kwamfutocin wani dila ɗan arewa a nan Legas, sarin kayan masarufi yake yi, shinkafa, man girki, suga, taliya, madara, irin waɗannan dai. Babban sito yana Agege kuma akwai kanta a gabansa da ake ciniki, sai shago a Mile 12, ɗaya a Alaba Rago, ɗaya a Idi-Araba. Wuri huɗu kenan. Kowane wuri yana da kwamfutar kashiya mai nata detabes ɗin PostgreSQL a ciki, saboda ko netwok ya ɗauke dole ciniki ya ci gaba, sannan akwai saba guda da muke haya wadda ita ce uwa, kowa can yake kai bayaninsa, can kuma yake ɗebo na sauran. Wannan kai da ɗebowa shi muke cewa sink, kuma rigimar da zan ba da labari duk a kan tambaya ɗaya ce, sau nawa za a riƙa yinsa.

Yadda na gaji tsarin, sau ɗaya ake yi a rana. Sunansa na dare amma ba tsakar dare yake tashi ba, don tsakar dare shago a kulle yake, kwamfuta a kashe, janareta ma an kashe, sai aka sa shi a `cron`, manhajar da ke tada aiki in lokacinsa ya yi, dab da tashi:

```
30 19 * * * /opt/shago/tura_duka.sh
```

Wato kullum 7:30 na yamma kowane shago ya tura nasa, da safe in an kunna kwamfuta ya janyo na kowa. Shekaru ana haka babu wanda ya yi ƙorafi, don a lokacin kowane shago abin da ke cikin ɗakinsa kawai yake sayarwa, idonka na kan kayanka. Matsala ta shigo ne da aka fara yanka rasit a shago, kwastoma ya je Agege ya ɗauka. Mai sayen buhu 50 ko 100 ba a shago za a ba shi ba ai, wurin ma ba zai ɗauka ba, sai ya biya a Alaba Rago ko Mile 12 a ba shi takarda ya tura mota sito.

Ana saura kwanaki kaɗan azumi, da safe allon kowa yana nuna shinkafa mai kilo 50 saura buhu 120 a sito. Ƙarfe 10:50 yaron Mile 12 ya sayar da 80. Ƙarfe 11:40 na Alaba Rago ya duba allonsa ya ga 120 tana nan daram, ya sayar da 70. Kowa a cikinsu ya yi daidai da abin da ya gani, amma an sayar da 150 a kan 120. Mutumin Alaba ya ɗauki hayar mota tun daga Ojo, ya sha go-sulo har Agege, ya iso bayan la'asar aka ce masa buhu 40 ne suka rage. Wallahi ban ji daɗin ranar nan ba, mutum ne da ya daɗe yana ciniki da gidan, Alhaji da kansa ya ba shi haƙuri ya biya masa kuɗin mota, washegari aka nemo cikon 30 ɗin a hannun wani dila a kan farashin da ya cinye ribar cinikin gaba ɗaya.

Da daddare Alhaji ya kira ni ya ce, "Injiniya, abin nan naka mai zuwa sau ɗaya a rana ban son sa kuma, ka mai da shi kowane minti." Na ce, "Ranka ya daɗe za a gyara in sha Allah, amma ka ba ni sati guda in auna tukuna, don in na sa shi kowane minti a yadda yake yanzu, gobe babu kashiyan da zai iya yanka rasit." Ya ce toh, sati ɗaya.

Abin da na fara aunawa shi ne nauyin sink ɗin kansa. Sunan fayil ɗin ma ya faɗi halinsa, komai yake turawa, teburin kaya gaba ɗaya mai kaya iri 3,200, da duk cinikin kwana 90 na baya, ko an taɓa su ko ba a taɓa ba. Kusan megabayit 45 a kowane shago. In netwok na da kyau minti 12 yake ɗauka, in babu kyau na ga ya kai minti 40, kuma duk lokacin da yake gudu kwamfutar kashiya nauyi take yi, ka danna ka jira. Sau ɗaya a rana wuri huɗu megabayit 180 ne, a wata gigabayit 5.4, babu wanda zai ji a jikinsa. Amma in na ce duk awa daga 8 na safe zuwa 7 na yamma, sau 12 kenan, ya koma megabayit 2,160 a rana, kusan gigabayit 65 a wata a kan data ta saye, sannan a kowace awa minti 12 layin kwastomomi na tsaye. Kowane minti kam ba ma abin lissafi ba ne, aikin minti 12 ba ya shiga cikin minti ɗaya.

Sai dai da na duba abin da ke canzawa da gaske a rana, ɗan mitsitsi ne. Duka wuraren huɗu rasit wajen 900 suke yankawa a rana, kowane rasit kamar layi 4, layi 3,600 kenan, in ka raba shago ɗaya bai cika megabayit ɗaya ba a wuni. Kaga ashe tsadar ba daga yawan zuwa take ba, daga ɗaukar kayan da ba a aike ka ba take. Don haka kafin a yi maganar awa ko dare ko minti, na fara sauya shi ya riƙa tura abin da ya canza kawai, kuma daga nan aikin minti 12 ya dawo daƙiƙa 20 zuwa 30. In kana cikin irin wannan shawara ka fara nan, don in ba haka ba lissafin kuɗin da za ka kai wa maigida ƙarya zai yi maka, ka ga kamar duk awa ya fi ƙarfinku alhali bai fi ba.

Toh yanzu duk awa ya yi arha, tambaya ita ce da shi muke yi ranar shinkafa, zai hana abin da ya faru? Da farko na ce eh mana, an sayar 10:50, sink ɗin 11:00 ya ɗauka, 11:40 Alaba ta gani. Da na zana shi a takarda sai na ga a'a. Bayanin tafiya biyu yake yi, daga Mile 12 zuwa saba, daga saba zuwa Alaba. In duka shagunan 11:00 daidai suke tashi, lokacin da Mile 12 ke kan turawa Alaba ta riga ta janyo, abin da ta samu tsohon lissafi ne, sai 12:00 za ta ga buhu 80 sun fita. Yaron ya riga ya yanka rasit tun 11:40. Mutane suna cewa duk awa kamar bayanin ba zai wuce awa ɗaya da tsufa ba, a tafiya ɗaya haka ne, matsakaici minti 30, mafi muni minti 60 da lokacin gudu. A tafiya biyu da ba a jera su ba, cinikin da aka yi 10:01 sai 12:00 zai bayyana a ɗaya shagon, kusan awa biyu. Ana iya ragewa, a ce kowa ya tura a kan awa, ya janyo bayan minti 10, da haka da mun tsira ranar. Amma sa'a ce kawai, da cinikin farko 11:05 aka yi shi na biyu 11:40, duk awa ko yaya ka jera shi ba zai kama ba.

Don kada in yi ta hasashe na koma cikin cinikin kwana 60 na nemi duk inda shago biyu suka sayar da kaya iri ɗaya daga sito tsakaninsu bai kai awa ba. Sau 41 na samu. Yawanci kaya na da yawa babu abin da zai faru, amma sau 6 sauran da ke sito ya yi ƙasa har da an ƙara kaɗan da an maimaita abin shinkafa. Kuma duk 41 ɗin a cikin kaya iri wajen 140 ne masu gudu, sauran dubu uku da ɗoriya, su ashana da kyandir da sabulun da ake saye katan ɗaya-ɗaya, ko kwana suka yi ba a sabunta ba babu wanda zai yi asara.

Nan ne na daina tambayar sau nawa tsarin zai yi sink, na koma bin bayanan ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, wannan wa ke kallonsa, me yake yankewa da shi, kuma minti nawa zai tsufa kafin kuɗi su fita daga aljihun Alhaji. Amsar ta sha bamban ƙwarai. Sauran kaya a sito, minti biyar ma ya yi yawa a lokacin kasuwa. Farashi da bashin kwastomomi, awa ta isa. Littafin akanta kuwa sau ɗaya a rana ma ya fi masa lafiya.

Bari in fara da na sito tunda shi ya kawo mu. Shi muka mai da na nan-take, wato babu jiran agogo, ciniki na faruwa saƙo na tashi. Yadda na gina shi, a detabes ɗin shago na ƙara tebur ɗaya da nake kira akwatin fita. Lokacin da kashiya ya danna ajiye, rasit da saƙon da za a tura suna shiga tare a rubutu ɗaya, ko su shiga duka ko kada ko ɗaya ya shiga, saboda kar wuta ta ɗauke a tsakiya a samu rasit babu saƙo. Sai wata ƙaramar manhaja da ke leƙa akwatin duk daƙiƙa 5, in ta ga saƙo ta tura, in saba ta amsa ta yi masa alamar ya tafi. In babu netwok ta jira daƙiƙa 5, sai 10, sai 20, tana ninkawa har minti 5, ba ta wuce nan. In netwok ya dawo bayan awa uku ta tarar da saƙo 100 sun taru, hamsin-hamsin take turawa bi da bi yadda suka shigo.

Sati na biyu da fara wannan muka ci karo da abin da duk mai irin wannan tsari zai gamu da shi. An ƙirga man girki a sito aka ga jarka 25 sun fi abin da kwamfuta ke nunawa. Da na bi sawu, Idi-Araba ta tura saƙon jarka 25, saba ta karɓa ta cire, tana mayar da amsa netwok ya yanke. Shago bai ji amsa ba, a wurinsa saƙo bai je ba, ya sake turawa, saba ta sake cirewa. Kuma ba za ka ce shago ya daina maimaitawa ba, don wani lokacin da gaske saƙon bai je ɗin ba, shi kuma ba shi da hanyar bambancewa. Maganin a wajen mai karɓa yake. Kowane saƙo tun daga shago ana ba shi lambar da babu mai irinta, saba kuma ta fara rubuta lambar kafin ta taɓa lissafi:

```sql
INSERT INTO motsi (id, lamba, adadi)
VALUES ($1, $2, $3)
ON CONFLICT (id) DO NOTHING;
```

In layin ya shiga, sabon saƙo ne, a cire kaya. In bai shiga ba an taɓa ganinsa, sai saba ta ce na karɓa kawai ba tare da ta cire komai ba. Alamar wannan cuta in kana nemanta, kaya a ƙasa sun fi na allo, kuma bambancin daidai yake da adadin wani rasit guda, sannan yawanci ranar da netwok ya yi ta wasa ne.

Akwai kuma abin da nake so a fahimta sosai don ni ma sai da na zauna na yi tunani kafin ya zauna min. Nan-take ba ya nufin ba za a sayar da abu sau biyu ba. Yana rage tazarar ne daga awanni zuwa daƙiƙu in netwok na nan, in kuwa Alaba ta yi awa biyu babu netwok, allonta ya tsufa da awa biyu, sunan tsarin bai canza komai ba. Saurin sink labari yake kawo maka da wuri, ba ya riƙe maka buhu. Don haka ga duk cinikin da za a ɗauka a sito, muka sa kafin rasit ya fito sai kwamfutar shago ta nemi saba ta kama kayan:

```sql
UPDATE kaya SET saura = saura - 70
WHERE lamba = 'SHK50' AND saura >= 70;
```

In amsa ta dawo `UPDATE 1` an kama, a yanka rasit, kuma saƙon da zai biyo baya yana ɗauke da lambar kamun don kar a sake cirewa. In ta dawo `UPDATE 0` kayan ba su kai ba, allo ya faɗa wa yaro tun kwastoma bai ciro kuɗi ba. Ko shago biyu sun danna a daƙiƙa ɗaya, detabes ɗin ɗaya bayan ɗaya yake ba su layin, in na farko ya kama 80 cikin 120, na biyu zai tarar da saura 40 ya ƙi. In babu netwok kwata-kwata fa? Nan ba kwamfuta ba ce za ta yanke, doka muka sa, Alhaji ya amince, abin da ke cikin shago a ci gaba da sayarwa, amma na sito in ya wuce buhu ko katan 10 sai an buga wa mai sito waya ya ware da hannunsa. Yaran sun ɗan yi gunaguni da farko, wai ana ɓata musu ciniki, da suka tuna mutumin Ojo suka yi shiru.

Kuɗin wannan ɓangare ba a data yake ba, datarsa ba ta taka kara ta karya ba. Kuɗinsa sati uku ne na aikina, da rauta mai layi biyu na kamfani daban-daban a kowane shago, da ƙaramar inbata da za ta riƙe rauta da kwamfuta tsakanin ɗauke wuta da tada janareta. Sai kuma ɗawainiya, wadda ita ce ba a gani a rasit, don abin da ke gudu kullum dole wani ya riƙa sa masa ido kullum. Aikin `cron` in ya faɗi yau gobe zai sake tashi da kansa, ita kuwa manhajar akwatin fita in ta maƙale shiru za ka ji, ciniki na tafiya lafiya a shago, saƙonni na taruwa, babu wanda ya sani. Shi ya sa ban yarda in ɗora komai a kanta ba duk da Alhaji ya so hakan.

Farashi da bashi su muka bari a duk awa. Farashi Alhaji ne kaɗai ke canzawa, a saba yake canzawa, tafiya ɗaya ce zuwa shago, kuma yawanci da safe yake yi kafin kasuwa ta buɗe ko in sabuwar mota ta sauke. In wani abu ya taso da rana, dama waya yake bugawa, sai na sa maɓalli a allon kashiya na janyowa yanzu-yanzu. Bashi kuwa abin da ake tsoro shi ne mutum ya ci bashi a Agege har iyakarsa, ya zagaya Mile 12 ya sake ci. Cinikinsa ya riga ya isa saba nan-take, abin da ya rage shago ya janyo, kuma kafin a loda masa kaya ya fita ya ratsa hanya ya isa wani shagon, a Legas dai, yawanci awar ta cika. Na san ba kullum ba, akwai ranar da hanya ke buɗewa, amma masu cin bashin nan sanannu ne, mutanen da aka san gidajensu, asarar da za a iya yi ba ta kai a gina mata wani tsari ba. Ga layin da ke yin janyowar duk awa:

```
7 8-19 * * * flock -n /tmp/janyo.lock /opt/shago/janyo.sh
```

Abu biyu a layin nan da gangan na sa su. Minti 7 na Agege ne, Mile 12 na ba ta 22, Alaba 37, Idi-Araba 52, don kar su taru wa saba a kan awa daidai, ƙaramar saba ce mai arha kuma ina so ta zauna a haka. Shi kuma `flock -n` yana hana sabon zagaye tashi in na baya bai gama ba, ya haƙura sai awa ta gaba. Ba tare da shi ba ranar da netwok ya yi ja, na ƙarfe 2 na nan yana fama na 3 ya hau kansa, na 4 ya hau, kwamfutar kashiya ta durƙushe.

Tarko ɗaya na faɗa a wannan na duk awa da ya kamata in ambata. Janyo abin da ya canza kawai yana dogara ne da lokacin da aka rubuta a kan kowane layi, ka ce ba ni duk abin da ya canza bayan ƙarfe kaza. Da farko agogon shago nake amfani da shi wajen faɗin ƙarfe kazan. Kwamfutar Idi-Araba agogonta ya gudu gaba da kusan minti 20, tana janyowa ta rubuta lokacin da bai zo ba, duk farashin da aka canza a cikin wannan tazarar sai ta tsallake shi har abada, ba kuskure ba ƙara. Kwana biyu suna sayar da suga a tsohon farashi. Yanzu saba ce ke faɗin lokaci, shago ajiye abin da aka ba shi kawai yake yi, kuma kowane zagaye yana komawa baya da minti 10 ya sake ɗebowa, tunda maimaita farashi ɗaya sau biyu ba ya cutar da komai.

Sai littafin akanta. Malam akanta da ya ji ana maganar nan-take shi ma ya ce yana so, na ce masa, "Malam, bari in nuna maka abin da zai same ka." Manhajar lissafin da yake amfani da ita ta haya ce, kuma tsarin da muke biya kira 1,000 yake ba mu a rana, wato sau 1,000 kwamfutarmu za ta iya aika mata bayani. In kowane rasit zai tafi shi kaɗai, 900 sun tafi a rana ta yau da kullum, ranar kasuwar azumi ko jajibirin sallah mun wuce iyaka tun azahar, manhajar ta fara mayar mana da `429`, wato kira ya yi yawa, sai dai a hau tsari na sama a ƙara kuɗi duk wata. A kan me? Shi fa ba ya duba littafin sai washegari da safe. Ga kuma gyare-gyaren rana, an yanka rasit an soke, kwastoma ya dawo da katan biyu, an rubuta tiransifa ashe kuɗi hannu ne. In duk wannan yana shiga littafinsa kai tsaye, shi zai zauna yana warware su ɗaya-ɗaya. Na dare yana jira ƙura ta lafa, ya haɗa jimillar kowane wuri kashi biyar, kuɗi hannu, tiransifa, kati, bashi, kayan da aka dawo da su, kira 20 kacal. Da ya ga lissafin ya ce a bar masa na darensa.

Wannan na daren a saba yake gudu ba a shago ba, don haka kashe kwamfutocin shago bai dame shi ba. Agogon sabar UTC ne, Legas kuma tana gabansa da awa ɗaya, sai na rubuta 21 don ya tashi 10 na dare namu. Amma ba ya rufe rana da ka. Kowane shago in zai tashi yana tura saƙon ƙarshe, yau na yanka rasit kaza, jimillar kuɗi kaza. Na dare ya ƙirga abin da ya iso saba ya gwada da wannan. In Mile 12 ta ce 262 saba ta ga 259, ba ya tura na Mile 12 wa akanta, sai ya turo min saƙo a waya cewa uku sun maƙale, da safe in an kunna kwamfuta su iso a rufe. Haka kuma yake sake lissafa sauran kowane kaya daga tushe, abin da ya shigo a cire abin da ya fita, ya gwada da lambar da nan-take ya bari. Da wannan gwajin yana nan tun farko, da jarka 25 ɗin nan a daren farko za mu gan su, ba sai an ƙirga sito ba. Shi ya sa duk wanda ya ce min zai koma nan-take ya kashe na dare nake ce masa kar ya soma.

Abu na ƙarshe da na ƙara shi ne mafi sauƙi, kuma yaran shago sun fi yaba shi a kan duk sauran. A saman allon kashiya akwai ɗan rubutu da ke cewa lissafin sito na minti kaza da suka wuce ne. Ƙasa da minti 2 kore ne, ya wuce minti 10 ya koma ja, ja kuma ma'anarsa ɗauki waya ka kira sito. Ni ma a nawa ɓangaren ba na kallon ko manhaja tana kunne, shekarun saƙo mafi tsufa a akwatin fita nake kallo, in ya haura minti 15 a lokacin kasuwa wayata ta yi ƙara. Ranar shinkafa allon Alaba 120 ya nuna ba tare da ya faɗi cewa lissafin jiya da yamma ba ne, da ya faɗa, yaron nan mai hankali ne, da ya kira.

Yanzu watanni kenan a haka. Datar sink ta wuraren huɗu ba ta kai gigabayit ɗaya a wata, ƙasa da lokacin da ake yi sau ɗaya a rana, saba ita ce dai ƙaramar nan ba mu canza ba, manhajar akanta ma muna kan tsarinmu na da. Sau biyu `UPDATE 0` ya tare ciniki a gaban kwastoma, ɗaya taliya ɗaya man girki, duka biyun aka ce masa ga abin da ya rage, ya ɗauki abin da ya samu ya tafi. Abin da ban warware ba har yanzu shi ne kayan da ke kan hanya, in mota ta taso daga Agege za ta kai Alaba, sito ya cire su shago bai karɓa ba, awa uku ko huɗu suna cikin go-sulo ba sa allon kowa, kuma Alhaji ya fara maganar buɗe sito na biyu a wajen Ojo bayan sallah, wanda zai sa dole in zauna in sake zana wa ke kama kaya a hannun wa.